YADDA AKE KARANTA TAMBAYAR SWOT: RABA ABIN CIKI DA ABIN WAJE

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na sakatarorin ƙungiyoyin gama kai da ɗaliban sha'anin kasuwanci



Makasudin wannan jawabi shi ne bayyana yadda ya kamata a karanta wata irin tambaya da ke yawan fitowa a jarrabawar sha'anin kasuwanci da gudanar da ma'aikata, watau tambayar SWOT. Ana cin karo da ita a kwalejojin fasaha da jami'o'i da kwalejojin koyon aikin gama kai, kuma sau da yawa akan bukaci irin wannan bayani a cikin takardar tsarin kasuwanci da ƙungiya ke miƙa wa banki idan tana neman rance. Ɗalibin da ya karanta ta ba daidai ba yakan rasa maki a kan abin da ya sani sarai. Sakataren da ya karanta ta ba daidai ba kuwa, asararsa ta fi haka, domin yana iya sa ƙungiyarsa ta ci bashi ta sayi abin da ba shi ne maganin matsalarta ba.

Ma'anar kalmar

Kalmar SWOT haruffan farko ne na kalmomi huɗu na Turanci. Harafin S yana nufin ƙarfi, harafin W yana nufin rauni, harafin O yana nufin dama, harafin T kuma yana nufin barazana. Wannan hanyar nazari ta samo asali ne a Amirka a shekarun 1960, a tsakanin masu tsara manufofin manyan kamfanoni da malaman kasuwanci na jami'o'i, daga nan ta bazu ko'ina cikin duniya.

An shirya gurabe huɗun ne bisa ma'auni biyu. Ma'auni na farko shi ne ko abu mai taimako ne ko mai cutarwa. Ƙarfi da dama masu taimako ne, rauni da barazana kuwa masu cutarwa ne. Wannan ba ya ba kowa wahala, don da wuya a sami wanda zai ce ambaliya alheri ce ga manomi. Ma'auni na biyu shi ne ko abin na cikin ƙungiya ne ko na wajenta. Ƙarfi da rauni na ciki ne, dama da barazana na waje ne. A nan ne akasarin kurakurai suke aukuwa, saboda haka a kan wannan ma'auni ne jawabin zai tsaya.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ruwan sama da ke zuba a kan ɗakin abin waje ne, yana sauka a kan ɗakin kowa a unguwar, kuma mai ɗaki ba shi da ikon tsai da shi. Hujin da ke jikin rufin kuwa abin ciki ne, nasa ne shi kaɗai, kuma yana iya hawa ya toshe shi gobe da safe. Ruwan shi ne barazana, hujin shi ne rauni. Wanda ya ɗauki ruwan a matsayin rauninsa zai zauna yana kuka da damina. Wanda ya gane cewa hujin ne rauninsa zai tafi neman kwano da ƙusa.

Mataki na farko: a kan wa ake tambaya?

Kalmomin ciki da waje ba su da ma'ana sai an san katangar da ake magana a kai. Saboda haka abu na farko da ya wajaba a kan mai amsa tambaya, tun kafin ya rubuta kome, shi ne ya nemo wanda aka ce a yi nazarinsa, ya ja layi a ƙarƙashin sunansa. Wani lokaci kamfani guda ne, wani lokaci sashe ɗaya na kamfanin, wani lokaci kuma sana'a baki ɗaya, ko jiha, ko ƙasa. Duk abin da ke hannun wanda aka ambata, watau ma'aikatansa da injunansa da kuɗinsa da littattafansa da ƙwarewarsa da sunan da ya yi, yana cikin katanga. Sauran duka, kamar gwamnati da bankuna da abokan gasa da masu saye da yanayin sama, suna waje.

Alal misali, a watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a kuwa fara buɗe su ba sai a Disamba na 2020. Ga mai injin casar shinkafa a cikin Nijeriya, wannan mataki dama ce, domin shinkafar waje ta ragu a kasuwa, masu saye suka koma ga ta gida. Ga ɗan kasuwar da ke kai kaya Nijar ko Binin ta mota kuwa, matakin nan guda barazana ce. Ga su duka biyun abin waje ne, tun da babu wanda aka nemi izininsa. Amma da a ce tambayar a kan Nijeriya ce a matsayin ƙasa mai noman shinkafa, to, dokar kan iyaka ta shigo cikin katanga ke nan, domin ƙasar ce da kanta take yin ta, take kuma soke ta. Abu ɗaya ne, amma gurbinsa ya sauya saboda wanda ake tambaya a kansa ya sauya.

Mataki na biyu: gwaji uku

Bayan an san katanga, sai a ɗauki kowane bayani da ke cikin labarin tambayar a yi masa gwaji uku.

Gwaji na farko shi ne na iko. Shin shugabannin ƙungiya za su iya zama su yanke shawarar sauya wannan abu, in sun sami kuɗi da lokaci? Suna iya horar da ma'aikaci, su sayar da tsohuwar mota, su ɗauki akanta. Ba za su iya rage kuɗin ruwan banki ko farashin man fetur ba, kome tsawon zaman da suka yi.

Gwaji na biyu shi ne na maƙwabci. Shin abin ya shafi sauran masu wannan sana'a a yankin kamar yadda ya shafi ƙungiyar? In ya shafi kowa, na waje ne. Lokacin da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, farashin mai ya tashi a kan kowane mai mota a ƙasar nan. Wannan barazana ce. Amma in ƙungiya tana da tsohuwar a-kori-kura mai shan mai fiye da ta maƙwabcinta, to, motar rauninta ce ita kaɗai.

Gwaji na uku shi ne na rufe ƙofa. A ƙaddara ƙungiyar ta rushe yau, an kulle ƙofarta. Shin abin zai ci gaba da wanzuwa? Masu bukatar shinkafa za su ci gaba da bukatarta, kogi zai ci gaba da cika, banki zai ci gaba da ba da rance. Duk waɗannan na waje ne. Amma amanar da ke tsakanin mambobi da bashin da ke kan ƙungiya da kyakkyawan sunanta, al'amuranta ne, ba su da wata rayuwa in babu ita.

A mafi yawan lokuta gwajin uku sukan ba da amsa guda. In suka saɓa, alama ce cewa jimlar ta ƙunshi abubuwa biyu da ke bukatar a raba su, kamar yadda za a gani nan gaba.

Tambayar misali

Domin a ga yadda aikin yake, ga wata tambaya da aka shirya don wannan taro. Ƙungiyar da alkaluman da ke ciki na misali ne kawai.

"Wata ƙungiyar gama kai ta masu casar shinkafa, a wani gari da ke bakin Kogin Binuwai, tana da mambobi 60, ta kuma shekara 12 tana aiki. Injinta yana cashe tan 2 na shanshera a rana in ya sami wuta ta awa 8, amma wutar garin ba ta wuce awa 4 a rana, kuma ƙungiyar ba ta da janareta. Ba ta da injin tsince tsakuwa. Mambobi 40 manoman shinkafa ne, sun kuma rattaba hannu cewa za su sayar wa ƙungiya da shansherarsu kafin kowa. Shekara 3 ke nan ba a binciki littafin kuɗinta ba. Makarantun kwana biyu na yankin suna neman wanda zai riƙa kawo musu buhu 100 na shinkafa marar tsakuwa kowane wata. Wani babban kamfanin casa ya buɗe a nisan kilomita 30, yana kuma sayen shanshera da tsada. Wani banki ya fito da rance mai sauƙin ruwa ga ƙungiyoyin da aka binciki littattafansu. Ambaliya ta ci gonakin yankin sau 2 cikin shekara 5.

(a) Bayyana ƙarfi biyu da rauni biyu na ƙungiyar. Maki 8.
(b) Bayyana dama biyu da barazana biyu. Maki 8.
(c) Ba ƙungiyar shawara guda bisa abin da ka bayyana. Maki 4."

Tun kafin a taɓa labarin, akwai abubuwa uku da za a lura da su a cikin umurnin. Na ɗaya, an ce ƙungiyar, saboda haka katanga ta zagaye ƙungiyar ne, ba garin ba, ba kuma sana'ar shinkafa ta jihar ba. Na biyu, an ce bayyana, ba a ce lissafa ba. Maki 8 a kan abubuwa huɗu yana nuna maki biyu-biyu ga kowane abu, kuma a bisa al'ada ɗaya na ambaton abin ne, ɗaya kuma na nuna dalilin da ya sa ya cancanci gurbin. Wanda ya jera kalmomi kawai ya bar rabin makin ke nan. Na uku, an ce biyu-biyu. Wanda ya kawo biyar-biyar ya ɓata lokacinsa, kuma wasu masu duba jarrabawa na farkon biyun kaɗai suke dubawa.

Amsar da ta karkace

Ga irin amsar da ake yawan samu. A gurbin ƙarfi mai amsa ya rubuta: shekara 12 tana aiki, da kuma akwai rancen banki. A gurbin rauni ya rubuta: rashin wutar lantarki, da ambaliya. A gurbin dama ya rubuta: sayen janareta, da buɗe reshe a babban birnin jiha. A gurbin barazana ya rubuta: babban kamfani, da rashin binciken littafin kuɗi.

Wannan mutum ya karanta labarin, ya kuma gane mai kyau da marar kyau ba tare da kuskure ba. Duk da haka, daga cikin abubuwa takwas da ya rubuta, biyu ne kaɗai suka zauna a inda ya dace, watau shekara 12 da babban kamfani. Ya kamata a bi sauran shida ɗaya bayan ɗaya, domin kowane irin kuskure yana da alamar da ake gane shi da ita.

Rancen banki ba ƙarfin ƙungiya ba ne. Kuɗin suna hannun banki, banki ne ya gindaya sharaɗi, kuma kowace ƙungiya a jihar tana iya nema. Ya faɗi gwajin iko, ya faɗi na maƙwabci. Dama ce, kuma dama ce da ƙungiyar ba ta ko cancanta ba tukuna. Sai ranar da ta karɓi kuɗin, suka shiga asusunta, sannan za su zama abin ciki.

Ambaliya ba rauni ba ce. Kogin Binuwai ya cika ya yi ɓarna mai yawa a 2012 da kuma 2022, kuma bai zaɓi gonar wannan ya bar ta wancan ba. Barazana ce. Da a ce labarin ya ambaci cewa ƙungiyar ta gina ma'ajiyar shansherarta a kwari, inda ruwa ke fara shiga, to, da wannan ne rauni, domin ita ta zaɓi wurin, tana kuma iya tashi daga gare shi.

Rashin binciken littafin kuɗi kuwa, akasin haka ya faru da shi. An kai shi waje alhali yana tsakiyar gida. Kwamitin ƙungiya yana iya zama mako mai zuwa ya kira mai binciken kuɗi. Dalilin da ya sa mutane ke kiransa barazana shi ne suna jin kalmar tana nufin duk abin da ke da haɗari. A wannan nazari kuwa, barazana tana nufin haɗarin da ya taso daga waje kaɗai. Kome girman cutar da abu zai yi, in dai na cikin gida ne, sunansa rauni.

Jimla ɗaya mai ɗauke da abu biyu

Batun wutar lantarki ya fi sauran bukatar natsuwa, domin a nan ne gwajin uku ke saɓawa. Gwajin maƙwabci ya ce abin waje ne, tun da duk garin ne ke zama a duhu. Gwajin iko kuwa kamar ya ce na ciki ne, tun da ƙungiya na iya yin wani abu a kai. Dalilin saɓanin shi ne jimlar ta haɗa magana biyu. Ta farko ita ce wutar garin ba ta wuce awa 4, wannan kuwa al'amarin kamfanin rarraba wuta ne, barazana ce. Ta biyu ita ce ƙungiyar ba ta da janareta, wannan kuwa al'amarinta ne, rauni ne. Ruwan sama ke nan da hujin rufi. Masu shirya jarrabawa sukan haɗa irin waɗannan da gangan, su ɗaure su da kalmomi irin su amma, da kuma, da alhali. Saboda haka duk inda mai karatu ya ga ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi a tsakiyar jimla, ya dace ya tsaya ya duba ko abu biyu ne.

Haka kuma batun mambobi manoma. Alkawarin da mutum 40 suka rattaba wa hannu mallakar ƙungiya ce, babban kamfanin ba shi da irinsa, saboda haka ƙarfi ne. Tsadar da kamfanin ke sayen shanshera kuwa abin waje ce, barazana ce, kuma kai tsaye take fuskantar wancan ƙarfin, domin manomin da ya ga kuɗi a wani wuri yana iya karya alkawari. Amsa mai kyau takan nuna wannan dangantaka, ba tare da ta cuɗa gurabe biyun ba.

Dama daban, shawara daban

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne wanda aka gani a gurbin dama, inda aka rubuta sayen janareta da buɗe reshe. Waɗannan ayyuka ne da ƙungiya za ta iya yi, watau shawarwari. Dama kuwa hali ne da ke can a waje, wanda yake nan ko ƙungiya ta motsa ko ba ta motsa ba. Makarantu biyu suna neman buhu 100 a wata: wannan dama ce. Ƙungiya ta je ta nemi kwangilar: wannan shawara ce, kuma wurinta sashe na (c).

Hanyar gane wannan kuskure mai sauƙi ce. A dubi wanda ke aikata aikin a cikin jimlar. In jimlar ta fara da a sayi, ko a buɗe, ko a ɗauki, ko ƙungiya za ta iya, to shawara ce aka rubuta. In kuwa mai aikin wani ne daban, kamar banki ya fito da, ko makarantu suna neman, ko gwamnati ta rage, to an rubuta abin waje na gaskiya. Bugu da ƙari, reshe a babban birni ba ya cikin labarin ko kaɗan. Idan tambaya ta zo da labari, daga cikinsa ake ciro amsa, kuma abin da mai amsa ya ƙago daga kansa ba kasafai yake samun maki ba.

Akwai kuma wata koyarwa da ke yawo, wadda ke cewa ƙarfi da rauni na yanzu ne, dama da barazana kuwa na gaba ne. Tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma tana ɓatar da mutane. Babban kamfanin ya riga ya buɗe, ambaliya ta riga ta auku sau biyu, kuma dukansu barazana ne a yau. Wurin da abu ya fito shi ne ma'auni, lokacinsa ba ya yanke hukunci.

Amsar da ta dace

Ga yadda amsar za ta kasance bayan an tace ta.

Ƙarfi na farko shi ne alkawarin mambobi 40, domin yana tabbatar wa ƙungiya da shanshera a lokacin da wasu ke fafutukar nema a kasuwa. Na biyu shi ne shekara 12 na aiki, domin ma'aikatanta sun san sana'ar, masu saye a yankin kuma sun san ta, abin da sabon kamfani bai samu ba tukuna. Ya kamata a lura cewa an auna kowane ƙarfi da na abokin gasa. Mallakar injin casa kawai ba a kirga ta ƙarfi ba, tun da duk mai wannan sana'a yana da shi.

Rauni na farko shi ne rashin injin tsince tsakuwa, domin yana hana ta shiga kasuwar masu neman shinkafa mai tsabta. Na biyu shi ne littafin kuɗin da ba a bincika ba, domin yana hana ta cancantar rance.

Dama ta farko ita ce bukatar makarantu ta buhu 100 a wata, domin ciniki ne tabbatacce mai maimaituwa. Ta biyu ita ce rancen banki mai sauƙin ruwa. Barazana ta farko ita ce tsadar da babban kamfani ke sayen shanshera, ta biyu kuma ambaliyar da ke rage amfanin gonakin da ƙungiya ta dogara da su.

Amfanin rabuwar a wurin ba da shawara

A sashe na (c) ne ake ganin dalilin duk wannan wahala. A 1982 wani malamin jami'a a Amirka, Heinz Weihrich, ya wallafa wani tsari da ake kira TOWS, wanda ke haɗa kowane abin ciki da abin waje domin a fito da shawara. Watau a tambaya: wane ƙarfi ne zai kama wace dama, wane rauni ne kuma ya tsaya tsakanin ƙungiya da wace dama? Ba za a iya wannan haɗi ba in gurabe sun cuɗe.

Mai amsar farko, wanda ya ɗauki wuta a matsayin babban rauni, zai ba da shawarar a sayi janareta. Bari a gwada shawarar da lissafi. Buhu 100 masu nauyin kilo 50 kowanne sun kama tan 5 na shinkafa. Ƙaramin injin casa yakan fitar da wajen kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyin shanshera, saboda haka ana bukatar wajen tan 8 na shanshera. Da wutar awa 4, injin yana cashe tan 1 a rana, watau aikin kwana 8 ke nan a cikin wata. Ashe ko ba janareta ƙungiya tana iya cika odar makarantun. Abin da ya hana ta shi ne tsakuwa. Da ta sayi janareta, da ta ninka shinkafar da makarantun ba za su karɓa ba.

Wanda ya raba gurabensa daidai kuwa zai ga hanyar a shimfiɗe. Rauni ɗaya, watau littafin kuɗi, ya toshe dama ɗaya, watau rance. Rauni na biyu, watau tsakuwa, ya toshe dama ta biyu, watau makarantu. Shawararsa ita ce ƙungiya ta fara da kiran mai binciken kuɗi, domin wannan yana hannunta kuma shi ne mafi arha. Sannan ta nemi rancen, ta sayi injin tsince tsakuwa, ta nemi kwangilar makarantu. Cinikin da ya tabbata kowane wata zai ba ta damar biyan mambobinta farashin da zai hana su juyawa ga babban kamfani. Janareta na iya zuwa daga baya, in oda ta ƙaru har kwanakin wata suka kasa.

Inda ake samun saɓani

Tilas ne a faɗi cewa akwai abubuwan da ke zaune a kan katangar kanta. Wurin da masana'anta take, alal misali, mallakarta ne, amma hanyar motar da ta bi ta gabansa ta gwamnati ce. Tsohuwar hulɗa da wani mai kawo kaya ta ƙungiya ce, amma shi mai kawo kayan mutumin waje ne. A irin wannan hali, abin da ake bukata shi ne mai amsa ya rubuta jimlar ta yadda ɓangaren da yake nufi zai fito fili. In ya ce injin ƙungiya yana kusa da gonakin mambobinta, ya yi maganar ƙarfi. In ya ce gwamnati tana gyara hanyar da ta ratsa garin, ya yi maganar dama. Mai duba jarrabawa yakan karɓi amsar da ta zo da dalili bayyananne, ko da shi kansa da zai ajiye abin a wani gurbi.

Har ila yau, wannan nazari ba ya auna nauyin abubuwa da kansa. Yana jera tsakuwa da janareta a gurbi ɗaya kamar girmansu ɗaya, kuma lissafin tan da kwanaki ne ya nuna wanda ya fi tsare hanya. Saboda haka sakataren da ke shirya takardar neman rance kada ya tsaya a kan gurabe huɗu kawai, sai ya bi su da alkaluma daga littattafan ƙungiyarsa.

A taƙaice

Mai fuskantar tambayar SWOT ya fara da jan layi a ƙarƙashin sunan wanda ake tambaya a kansa. Ya karanta umurnin, ya san ko lissafawa aka ce ko bayyanawa, da kuma adadin da ake so. Ya bi labarin jimla bayan jimla, yana rubuta alamar ciki ko waje a gefen kowane bayani, yana raba duk jimlar da ta ɗauko abu biyu. Sai bayan ya gama wannan ne zai duba mai taimako da mai cutarwa, ya kuma tanadi duk wani a sayi ko a buɗe domin sashen shawara. Aikin ba ya cin fiye da 'yan mintoci a ɗakin jarrabawa, kuma ana shawartar sakatarori da su gwada shi a kan ƙungiyoyinsu tare da kwamitocinsu kafin babban taron shekara mai zuwa.